Yadda lauya ke gwada abin da shaida ya ce ya tuna, da inda masu kare wanda ake tuhuma ke yin tuntuɓe

A shari'ar kisa ko ta fashi, sau da yawa abin da ke tsakanin mutum da gidan kaso shi ne kalmar wani da ya ce ya gan shi da idonsa. Mafi yawan irin waɗannan shaidu ba maƙaryata ba ne. Sun ga wani abu, cikin duhu ko cikin firgita, an yi watanni, an yi ta hira a kai, har abin da suka gani da abin da suka ji suka gauraya. Aikin lauyan da ke kare wanda ake tuhuma shi ne ya rarrabe biyun a gaban kotu.

Ana kiran wannan aiki tambayoyin ƙure shaida, kuma ya fi ƙarfi a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, kamar Amirka da maƙwabciya Nijeriya. A Nijeriya, dokar shaida ta 2011 ta ba lauya damar yi wa shaidan abokin hamayya tambaya mai ɗauke da amsarta a ciki, wadda ba ta buƙatar komai sai i ko a'a. A kotunan da suka gaji tsarin Faransa kuwa, shugaban kotu ne ke jan ragamar tambayoyi. Amma ko ta bakin wa tambayar ta fita, tsarin shirya ta ɗaya ne.

Misalin da aka fi koyarwa ya faru ne a 1858, a garin Beardstown na jihar Illinois. Ana tuhumar wani saurayi, Duff Armstrong, da kashe James Metzker a daren 29 ga watan Agusta na 1857. Lauyansa shi ne Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amirka. Babban shaidan masu ƙara, Charles Allen, ya ce ya ga dukan da idonsa, wajejen ƙarfe 11 na dare, daga nisan kusan mita 45.

Lincoln bai ce masa ya yi ƙarya ba. Ya bi shi a hankali kan lokacin, da nisan, da abin da ya haska masa wurin. Allen ya ce farin wata ne, wata yana can sama, haske tar. Lincoln ya sa ya maimaita maganar watan sau da dama, har ba sauran hanyar janyewa. Sa'an nan ya fito da kalandar shekarar 1857, irin mai nuna fitowar wata da faɗuwarsa a kowane dare. Kalandar ta nuna cewa a wannan lokacin watan ya riga ya yi ƙasa, saura kamar awa guda ya faɗi. An sallami Armstrong.

Abin lura a nan shi ne jerin matakan. Da Lincoln ya fara da buɗe kalandar, da Allen ya ce ai akwai wutar da aka hura kusa, ko kuma ya ce ya matso daga baya. Don haka ake rufe ƙofofin tukuna: shaida ya faɗi inda yake tsaye, ya tabbatar bai matsa ba, ya tabbatar babu wani haske sai wanda ya ambata. In ya gama ɗaure kansa, sai a kawo abin da ba ya dogara da tunanin kowa, kamar kalanda, ko awon fili, ko takardar likita.

Tambayoyin da suka kamata a yi kan ganin ido ba boyayyu ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta jera su a shari'ar Turnbull a 1976: tsawon lokacin da shaida ya ɗauka yana kallo, nisa, haske, ko wani abu ya tare masa gani, ko ya san mutumin tun da, da kuma tsawon lokacin da ya wuce kafin ya nuna shi ga ƴan sanda. Kotun ta kuma yi gargaɗin cewa mai gaskiya yana iya yin kuskure, kuma ya yi magana mai gamsarwa duk da kuskuren.

Rabi na biyu na aikin, wanda lauyoyi da yawa ke tsallakewa, shi ne abin da ya faru da tunanin shaida bayan aukuwar lamarin. A 1974 masu bincike biyu, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. An tambayi wasu gudun motocin lokacin da suka bugi juna, wasu kuma lokacin da suka rugurguza juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya rukunin, 7 kawai. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin.

Shi ya sa bayanin farko da shaida ya bayar a komisariya ko a gaban jandarma yake da daraja fiye da wanda ya zo da shi kotu. In a ranar ya ce bai ga fuska sosai ba, yau kuma yana siffanta tabo a kumatu, sai a tambaye shi wa ya fara ambata masa sunan wanda ake tuhuma, da kuma ko ya ga hotonsa a waya kafin a kai shi ya nuna shi. Inda shaida ya yi magana da Hausa aka rubuta da Faransanci, akwai ƙarin wurin dubawa. Mutumin da ya ce "bayan isha'i" bai faɗi ƙarfe nawa ba. In takardar ta ɗauki wata sa'a takamaimiya, dole a san ko daga bakinsa ta fito ko daga alƙalamin mai rubutu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tambayar da ta wuce kima. Lauyoyi suna da wani tsohon labari a kai. Ana tuhumar mutum da cizge kunnen wani, shaida ya amsa cewa bai ga cizon ba. Maimakon lauya ya zauna, sai ya ce to yaya aka yi ya san shi ne. Shaida ya ce ai ya gan shi lokacin da yake tofar da kunnen. Duk tambayar da ta fara da "don me" ko "yaya aka yi" tana miƙa wa shaida dama ya gyara abin da aka rushe. Fassarar amsoshin wurinta jawabin ƙarshe na lauya, lokacin da shaida ya riga ya sauka.

Na biyu shi ne rikita kuskure da ƙarya. Dattijuwar da aka kashe wa ɗa, in lauya ya ɗaga mata murya ya ce ta ƙirƙira, alƙalai za su koma bayanta, ita ma za ta ƙara kafewa. In ya yarda da ita cewa daren ya yi duhu, abin ya zo da sauri, hankalinta yana kan wuƙar, ita da kanta za ta ba shi abin da yake nema.

Akwai kuma lauyan da ke sa shaida ya sake ba da labarin daga farko, da fatan zai yi tuntuɓe, sai kotu ta ji zargin sau biyu. Akwai mai ɓata awa guda kan ko rigar shuɗiya ce ko baƙa, alhali shaida ya san wanda ake tuhuma tun suna yara. A irin wannan hali launin riga ba ya girgiza komai. Tambayar da ta rage ita ce ko daga inda yake tsaye, da hasken da ke wurin, zai iya ganin hannun da ya yi dukan.