Bayan amai ya lafa: abin da za a ba yaro da abin da za a dakata da shi

Ke uwa, da ku wakilan kiwon lafiya na garuruwa da rugagen Gure, wannan takarda ta shafi kwana uku na farko bayan yaro ya yi fama da amai, ko da zawo ko babu. A gidaje da yawa akan hana yaro abinci a waɗannan kwanaki, wai don ciki ya huta. Hanjin yaro kuwa da abinci yake warkewa, kuma yaron da ya kwana biyu yana shan ruwa zalla yakan rame, wani ma daga nan tamowa take kama shi. Don haka ba a hana abinci. Yawansa ake ragewa a kowane zama, a ƙara yawan zaman.

Ruwa da nono kafin komai

Idan yaro ya yi amai, ki dakata minti 10, sannan ki ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari, cokali ɗaya kowane minti biyu ko uku. Cikin da amai ya wahalar ba ya ɗaukar kofi guda a lokaci ɗaya, amma yana riƙe cokali. Ledar garin da ake bayarwa a gidan likita a cikin lita ɗaya cif ake zuba ta, ta ruwan da aka tafasa ya huce. In ruwan ya gaza lita, gishirin zai yi wa yaro yawa. Abin da ya rage bayan kwana ɗaya a zubar, a haɗa sabo.

Mai shan nono kada a janye masa. A ba shi sau da yawa, kaɗan-kaɗan, dare da rana. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nono ne abincinsa kaɗai: babu kunu, babu jiƙo, babu madarar dabba. Idan amansa ya maimaitu, a kai shi gidan likita a ranar.

Abin da za a fara da shi

Da zarar yaro ya yi ƴan awoyi yana riƙe ruwa da nono, a gwada abinci mai laushi wanda ya saba da shi: koko ko kunun hatsi da aka tace aka dafa sosai, shinkafa da ta nuna luguf, ko dankali da kabewa da aka murƙushe. A dafa sabo, a bayar da ɗumi.

Ki lura da kaurin kunun. Kunu tsararo yana cika ciki da ruwa, yaro ya ƙoshi alhali bai ci komai ba. A rana ta farko ana iya sassauta shi kaɗan don ya wuce da sauƙi, amma daga rana ta biyu ya zama mai kaurin da in kin karkata cokali ba zai zube nan take ba.

Misali: yarinya ƴar wata 14

A ce yarinyar ta yi amai sau huɗu jiya, na ƙarshe da asuba, tana kuma ɗan zawo. Babu zazzaɓi, tana kama nono, tana kallon mutane.

Rana ta farko, da safe nono ne da ruwan gishiri da sukari a cokali. Duk lokacin da ta yi zawo, a ba ta kimanin rubu'i zuwa rabin babban kofi, wato mililita 50 zuwa 100, a hankali. Wajen azahar a gwada koko cokali uku ko huɗu. In ya zauna, a sake bayan awa biyu ko uku. In ta mayar, a dakata minti 10, a koma kan nono da ruwan, a sake gwadawa da la'asar. Amai ɗaya ba ya nufin abincin ne bai karɓe ta ba.

Rana ta biyu, ta ci sau shida, kaɗan-kaɗan. A yi kunun da kauri, a zuba masa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli, domin hatsi shi kaɗai ba ya mayar da ƙarfin da ya tafi. A ƙara da dafaffen ƙwai da aka murƙushe, ko kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara.

Rana ta uku, ta koma tukunyar gida: tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta kuɓewa, a ɗebi nata kafin a sa yaji, da wake da ya dahu ya narke, ko ɗan nama ko kifi da aka daka. Daga nan har mako biyu a ƙara mata ci ɗaya kowace rana a kan abin da ta saba, don ta mayar da nauyinta. Tunda akwai zawo, ta sha ƙwayar zinki ɗaya kullum har kwana 10 zuwa 14, yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa, ko da zawon ya tsaya. A ba ta bayan ta ci, domin a cikin da babu komai ƙwayar kan tayar da zuciya.

Abin da za a dakata da shi

Lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi da shayi mai sukari suna jawo ruwa zuwa cikin hanji, zawo ya ƙaru. Soye-soye irin su ƙosai da abinci mai maiƙo da yawa suna daɗewa a ciki, su dawo da tashin zuciya. Kanwa, wadda ƙasarmu ta fadamu ke da ita a wadace, tana sakin ciki, don haka a ajiye kunun kanwa da jiƙonta har yaro ya warke. Hurar da aka dama da ɗanyar madara ko da ruwan da ba a tafasa ba, da kunun da ya wuni a kwano cikin zafi, suna iya mayar da cutar da ake jinya. Zuma ba ta dace da yaron da bai shekara ba. Maganin tsayar da amai na masu talla kuma yana iya sa yaro barci mai nauyi, ya kasa sha.

Kada a yi wa yaro ɗure. Wanda aka danne aka toshe wa hanci yana iya shaƙar kunu ya shiga huhunsa. Ki zaunar da shi a cinyarki, ki lallashe shi, in ya ƙi ki sake gwadawa an jima.

Lokacin da jinya ta fi ƙarfin gida

A tafi gidan likita mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba idan yaro yana mayar da duk abin da ya sha, ko ya kasa kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko yana jijjiga. Haka nan idan idanunsa ko maɗigarsa sun faɗa, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko aman ya fito kore ko da jini, ko an ga jini a bayan gida. Amai tare da zafin jiki, musamman da damina da kaka, yana bukatar gwajin zazzaɓin cizon sauro, domin kunu ba ya maganinsa.

Ku wakilai, ku auna damtsen duk yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da kuka tarar yana wannan jinya, ku danna bayan ƙafafunsa biyu. In awon ya faɗa a ja, ko yatsa ya bar gurbi a ƙafafun, shawarar wannan takarda ba ta ishe shi ba, kuma ba a cika shi da ruwan gishiri da sukari a gida. A tura shi gidan likita a ranar, ana ba shi nono a hanya. Wanda yake cikin shirin tamowa ya ƙi cin abincinsa na leda, shi ma a mayar da shi, don a duba ko sai an kwantar da shi a asibitin Gure. Sauran yaran kuma ku koma gidajensu bayan mako guda, ku sake awo, ku tambayi uwa sau nawa yaron ya ci jiya.