Kwantenar Docker: Kada a Bar Mata Ikon Shugaba

Kwantena tamkar akwati ce da ake kulle manhaja da kayan aikinta. Matsalar ita ce Docker na kunna ta da ikon root, wato shugaba, sai an hana shi. Ɓarawo ya kutsa, ya gaji wannan ikon. Maganinsa layi biyu:

```
FROM node:20.11.1-slim
USER node
```

Layin farko ya ɗaure sigar tushe. Da an rubuta `latest`, ginin yau zai iya bambanta da na gobe ba da saninka ba. Na biyu ya sauke manhajar zuwa talaka.

Amma ɗaurarriyar siga tana tsufa, ɓarakarta na bayyana. Saboda haka a riƙa bincikar ta da `trivy image` kowane mako, a ɗaga lambar da zarar gyara ya fito.