Me Manaja Zai Fara Yi? Yadda Ake Warware Tambayar

Masu shirin jarrabawar PMP, wadda cibiyar PMI ta Amurka ke shiryawa manajojin ayyuka, sukan koka da abu guda: a ba ka amsoshi huɗu, ka duba ka ga uku daidai ne. A tsarin da aka fara a 2021, tambayoyi 180 ne cikin minti 230, wato minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ga kowace. Da yawa daga cikinsu gajeren labari ne da ke ƙarewa da tambayar abin da manaja zai fara yi. Kalmar "first" da ke kan allo ita ce mabuɗin, domin jerin matakai ake tambaya, wanne ke gaba da wanne.

Ga misali. Ana gina ƙaramin asibiti, gini ya kai linta, sai mai aikin ya zo ya ce a ƙara ɗakin haihuwa. Zaɓi na farko, a sa magina su fara. Na biyu, a ce masa lokaci ya ƙure. Na uku, a kai magana ga babban jami'in da ke ɗaukar nauyin aikin. Na huɗu, a auna abin da ƙarin zai jawo.

Biyun farko suna faɗuwa nan take, domin manaja ba shi da ikon amincewa ko ƙin sauyi shi kaɗai. Akwai kwamitin da ke yanke wannan hukunci. Na ukun ne ke yaudarar mutane, musamman waɗanda suka saba da ofis inda komai sai an ji ta bakin oga. To amma da me za ka je gabansa? Zai tambayi kuɗi nawa, mako nawa, ko tushen ginin zai ɗauka, kai kuwa ba ka da amsa. Saboda haka na huɗu ne daidai: a fara auna tasiri a kan kuɗi, lokaci da inganci, sannan kwamiti ya duba rubutacciyar buƙatar sauyin. A ganina wannan ma shi ne hankali ko da ba a zauren jarrabawa ba.

Sai a kula da lokacin da labarin ya yi amfani da shi. Idan an ce siminti "zai iya" makara, haɗari ne da ake hange, a rubuta shi a rajistar haɗura a tantance. Idan an ce ya riga ya makara, matsala ce a ƙasa, sai a duba ko an tanadi matakin ɗauka tun farko.

Dokar aunawa tana da iyaka. Idan labarin ya ce katanga na shirin rufta wa leburori, a dakatar da aiki a fitar da mutane tukuna, rubuce-rubuce su biyo baya.