Koko da Ƙwai: Karin Kumallon Minti Goma Mai Gina Jikin Yaro

A gidaje da yawa, abin da ke fara shiga cikin yaron da ya fara tafiya da safe shi ne koko. Ana dama shi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin kurɓa, a zuba sukari, yaro ya shanye kofi guda, cikinsa ya yi tim. Kafin hantsi kuma sai ya dawo yana rigima yana jan zanen uwarsa. Dalili shi ne yawancin abin da ya sha ruwa ne. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu bai wuce ya ɗauki abincin kofi ɗaya a zama guda ba, wato wajen mililita 250, don haka idan ruwa ya cinye wurin, babu inda abin gina jiki zai zauna.

Ƙwai guda ɗaya yana sauya wannan lissafin. Ƙwan kaza matsakaici yana ɗauke da kimanin giram 6 na furotin, sinadarin da ke gina tsoka, yaro mai shekara 1 zuwa 3 kuwa yana buƙatar wajen giram 13 a yini. Kofin koko zalla da wuya ya ba shi fiye da giram 2. Ke nan idan aka haɗa su, yaro ya samu fiye da rabin buƙatarsa ta yini tun kafin rana ta yi zafi, ga kuma mai da bitamin A da B12 da ke cikin gwaiduwa.

Wasu iyaye har yanzu suna hana yara ƙwai, wai yaron da ya saba da shi zai tashi da ɗauke-ɗauke. Camfi ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara ba yaro abinci tun daga wata 6, har da ƙwai da nama da kifi, a kuma ci gaba da shayar da shi nono zuwa shekara biyu ko fiye.

Abin da uwargida za ta tanada

Gasara ko kamu na gero, ko na dawa ko masara, babban cokali 2 a cike. Ruwa kofi ɗaya. Ƙwan kaza 1. Man gyaɗa ko manja ƙaramin cokali 1. Sukari ɗan kaɗan, ko rabin nunanniyar ayaba da aka murƙushe. Idan gasarar ta sha barkono irin ta kokon manya, gara a ware wa yaro tasa tun wajen niƙa, da 'yar citta kawai.

Da damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika kasuwa ya kuma yi araha, shi ma yana yi. Bai kai ƙwan kazar gidan gona girma ba, amma guda ɗaya ya isa kofi ɗaya.

Yadda ake haɗawa

Da farko uwargida za ta wanke hannu da sabulu, ta fasa ƙwan a wani ƙaramin kwano daban. Wannan yana da amfani biyu. Idan ƙwan ya lalace za ta gani ta kuma ji wari kafin ya ɓata mata koko, sannan a nan ne za ta kaɗa shi da cokali mai yatsu ko maburgi har fari da gwaiduwa su zama abu ɗaya. Wadda ke shakkar ƙwan tun kafin ta fasa sai ta jefa shi cikin kwanon ruwa. Sabo yana nutsewa ya kwanta, wanda ya daɗe sosai yana tasowa sama, wannan kuwa ba na yaro ba ne.

Daga nan ta dama gasarar da ɗan ruwan sanyi daga cikin kofin nan, ta ɗora sauran ruwan a ƙaramar tukunya. Idan ya tafasa ta zuba damammiyar gasarar a hankali tana juyawa, ta bar shi a wuta kaɗan na minti 3 zuwa 4 har ya yi kauri.

A nan ne aikin yake. Ba a juye ɗanyen ƙwai kai tsaye cikin koko mai tafasa. Uwargida za ta sauke tukunyar, ta ɗebi koko cokali 2 ko 3 ta zuba cikin kwanon ƙwan tana kaɗawa da sauri. Ƙwan zai ɗumama ba tare da ya daskare ba. Sai ta tsiyaya wannan haɗin cikin tukunya siriri-siriri, ɗaya hannun yana juyawa, ta mayar kan wuta kaɗan, ta ci gaba da juyawa minti 2 zuwa 3 har ta ga yana ɓulɓulowa daga ƙasa. Ta sauke, ta zuba mai da sukari ko ayaba, ta juye a kwanon yaro ya huce. Kafin ta ba shi, ta ɗiga kaɗan a bayan hannunta ta ji zafinsa.

Kokon da ya yi daidai launinsa yana komawa ruwan ɗorawa-ɗorawa, yana sheƙi, babu ƙarni. Idan aka ɗebo a cokali aka karkata, yana tsayawa na ɗan lokaci kafin ya zame. Wanda ke zuba kamar shayi bai kai kaurin da ake so ba.

Me ya sa dole a mayar da shi wuta

Yawancin mata ba a tukunya suke dama koko ba. Gasara ce a kwano, a sheƙa mata tafasasshen ruwa, a rufe, a juya, shi ke nan. Ga koko zalla wannan ya wadatar. Amma da zarar ruwan ya haɗu da gasara mai sanyi zafinsa ya fara sauka, idan kuma aka ƙara ƙwai ya ƙara sauka, har ya kasa kaiwa ma'aunin zafi 71 da ake so abincin ƙwai ya kai kafin a tabbata ya dahu. Ƙwan da bai dahu ba yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, mai jawo gudawa da amai da zazzaɓi, ƙaramin yaro kuwa ba ya jure rashin ruwa a jiki kamar babba. Tunda babu mai ma'aunin zafi a madafa, ɓulɓulowar nan ita ce shaida.

Akwai dalili na biyu. Ɗanyar gwaiduwa tana da wani sinadari mai narkar da sitaci, irin wanda ke cikin yawun mutum. Idan wuta ba ta kashe shi ba, koko zai yi kauri a tukunya, amma kafin ya huce ya tsinke. Abin da ke faruwa ke nan idan cokalin da ya shiga bakin yaro ya yi ta komawa cikin kwano, shi ya sa ya fi kyau a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a ƙaramin kwano.

Idan kuwa koko ya fito da farare-fararen gudaji kamar an yayyanka auduga a ciki, to an zuba ƙwan cikin zafi mai yawa ne, ko hannu ya tsaya da juyawa. Bai lalace ba, ƙwan ya ma dahu sarai. A murje shi a rariya da bayan cokali, yaro zai sha abinsa. Gasarar da ta yi tsami sosai ta fi saurin yin haka, don haka wadda ba ta kwana da yawa ba ta fi dacewa.

Ga yaron da ya ƙi cokali

Wajen shekara ɗaya da rabi yara da yawa sukan fara kau da kai idan an kawo cokali, suna son su ci da hannunsu. Irin wannan sai a yi masa waina da kusan kayan nan ɗaya. A murƙushe nunanniyar ayaba ƙarama guda, a fasa ƙwai 1, a zuba garin alkama ko fulawa babban cokali 2, a juya. A shafa mai kaɗan a kasko ko tanda, a riƙa zuba cokali ɗai-ɗai a wuta kaɗan. Idan gefen ya bushe saman ya yi ƙananan ƙofofi, a juya ɗaya ɓarin na minti ɗaya. Za a samu ƙanana 5 ko 6. Ayaba tana da zaƙi, tana saurin ƙonewa, don haka wuta mai ƙarfi za ta baƙanta waje ta bar ciki ɗanye. A raba guda biyu a duba, idan tsakiyar tana da danƙo a mayar. A yayyanka dogo-dogo yadda ƙaramin hannu zai kama, yaro ya ci a zaune, wani babba yana kusa.

Abin lura

Ranar farko da yaro zai ɗanɗana ƙwai, a fara da cokali ɗaya ko biyu da safe, a sa masa ido. Wasu yara ƙalilan jikinsu ba ya karɓar ƙwai, alamar kuma takan fito cikin mintuna zuwa awa biyu: ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko ido, ko amai. Idan aka ga haka a dakata a kai shi asibiti. Idan numfashinsa ya fara sarƙewa ko jikinsa ya saki, a garzaya nan take. Ba a sa wa yaron da bai cika shekara ba zuma, kuma kada a haɗa masa wannan abinci da shayi, don ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Kokon ƙwai ba ya jiran azahar a fulas kamar kokon manya. Abin da ya wuce awa biyu a ajiye, musamman lokacin bazara, ba a ba yaro. Mai sammakon fita aiki za ta fi samun sauƙi idan ta auna gasarar tun da dare ta rufe, da safe sai damawa kawai.

Ranar da babu ƙwai

An gwada ƙarfin ƙwai guda a yini a wurare biyu. A ƙasar Ekwado, wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa jarirai 'yan wata 6 zuwa 9 da aka riƙa ba ƙwai kullum na tsawon wata shida, tsumburewa ta ragu a cikinsu da kashi 47 cikin ɗari. Da aka maimaita gwajin a Malawi ba a ga irin wannan bambanci a tsayin yara ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo shi ne yaran can da ma suna cin kifi. Wato ƙwai ya fi yin tasiri a inda yaro ba ya samun komai daga dabba, kuma wani abin yana iya tsayawa a madadinsa.

Don haka ranar da farashin kiret ya fi ƙarfin aljihu, tukunyar ba ta canzawa. A daka busasshen kifi bayan an cire ƙaya tsaf, a tankaɗe, a zuba babban cokali ɗaya a koko yana kan wuta. Ko a sa garin soyayyen waken soya, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa wadda aka tsince ruɓaɓɓun da masu fumfuna daga cikinta, ko madarar shanu da aka tafasa. Garin kifi da na waken soya suna yin makonni a kwalba mai murfi idan ruwa bai taɓa su ba, don haka daka ɗaya a ranar hutu ya isa ya cike ranakun da ƙwai bai samu ba.