An Koma https, Amma Fom Ya Ƙi Aiki

Tun watan Yulin 2018 burauzar Chrome ke liƙa wa duk adireshin da ya fara da `http://` gargaɗin `Not secure`, domin wanda ke kan hanya zai iya karanta abin da aka aika, ko ya sauya shi. Adireshin `https://` kuwa a rufe saƙonsa ke tafiya. Sai dai ƙaura zuwa gare shi kan bar baya da ƙura.

A ɗauka wata ma'aikata ta mayar da shafinta na `.gov.ng` zuwa `https://`, amma fom ɗin neman hutu ya daina aikawa. Sau da yawa dalilin shi ne shafin na ci gaba da kiran fayil ɗin da ke sarrafa fom daga tsohon adireshi. Burauza kan toshe irin wannan fayil kai tsaye, don kada a cusa masa mugun umarni a hanya.

Gano matsalar ba wuya. Jami'i ya danna `F12`, ya buɗe `Console`, ya nemi layin da ya fara da `Mixed Content`, inda sunan fayil ɗin zai bayyana. Gyaran shi ne a cire tsohon adireshin:

```
src="/js/fom.js"
```

Daga nan a bincika rumbun bayanai, domin tsofaffin sanarwa da hotuna na ɗauke da tsohon adireshin. Umarnin karkatarwa na `301` zai kai baƙi sabon adireshi, amma ba ya warkar da wannan cuta, tunda burauza na toshe fayil ɗin kafin ta nemo shi. Idan kuma fayil ɗin na wani shafi ne marar `https://`, sai a ɗauko shi a ajiye a gida, ko a haƙura da shi.