Hoton aikin gida: me malam yake so yaro ya yi?

A unguwannin Bauchi irin su Jahun, Wunti da Fadaman Mada, aikin gida na yaran firamare yakan zo ne da Turanci, musamman daga makarantu masu zaman kansu. Uwa da yawa ta sauke Alƙur'ani, tana lissafin sana'arta da ka, amma takardar ta fi ƙarfinta. Sai ta ɗauki hoto da waya, ta tura wa ƙanwarta da ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa: "Don Allah duba min, me ake so ya yi?"

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida. Bauchi da Sakkwato ma sun ga littattafan "Mu Karanta!" na aji ɗaya zuwa uku a makarantun gwamnati. A 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, aka ce harshen gida ya kai har aji shida, a Nuwamban 2025 kuma gwamnatin tarayya ta soke wannan. Don haka hoton nan ba zai daina yawo a WhatsApp ba, gara a iya amsa shi.

Aikin yana farawa ne daga hoton kansa. Iyaye sukan kusanto da waya kan tambayar da ta gagara, su yanke saman takardar, alhali a can umarni yake, tare da misalin da malam ya riga ya warware. Idan ke ce ƙanwar da aka tura wa hoton, kuma ba ki ga kusurwoyi huɗu na takardar ba, ki ce a sake ɗauka a tsakar gida inda akwai haske, a kuma juya bayanta. Amsa kuwa ta tafi da murya. Wadda Turanci ya gagare ta, ba lallai ne dogon rubutun boko ya zo mata da sauƙi ba, kuma saƙon murya yaron ma zai ji.

Ga misali na lissafin aji biyu. Takarda ta ce Musa yana da mangwaro 12, Amina tana da 7, sannan ta tambaya: "How many more mangoes does Musa have than Amina?" Mai gaggawa zai ga kalma ta uku ya ce "ƙari", uwa ta ji ƙari ta sa yaro ya tara, a samu 19. Abin da ake tambaya shi ne: Musa ya fi Amina da mangwaro nawa? Ɗebewa ake so, amsa 5. Akwai ma hanyar gane kuskuren ba tare da Turanci ba: wanda yake da 12 duka-duka ba zai fi wani da 19 ba.

Saƙon da ya dace zai yi kama da haka: "Yaya, lamba ta uku lissafi ne. Ki ba shi duwatsu goma sha biyu a gefe guda, bakwai a ɗaya gefen, ya jera su biyu-biyu, ɗaya na Musa ɗaya na Amina. Waɗanda suka rage ba abokin haɗi, su zai ƙirga ya rubuta a kan layin." Ba a faɗi biyar ba. Ina ganin wannan shi ne iyakar mai fassara, domin idan amsa ta zo daga jami'a, malam zai ga maki cikakke ya wuce gaba da yaron da bai gane ba.

Darasin Turanci ya fi wuya, don wani lokaci fassarar ce take kashe tambayar. Idan aka ce a haɗa kalmomi masu amo ɗaya, "cat" da "hat", aka ce wa uwa kyanwa da hula, za ta yi ta neman dangantakarsu ba za ta samu ba. A nan kalmomin a bar su yadda suke, a furta su a hankali cikin saƙon, a ce: "Sautin ƙarshe ake nema, kamar kaza da maza. Ya ja layi tsakanin masu kama." Haka ma cike gurbi da "a" ko "an": Hausa ba ta da wannan bambanci, sai dai a bayyana cewa na biyun yana zuwa ne gaban kalmar da furucinta ya fara da wasali.

Abin da hannu zai yi ma a faɗe shi dalla-dalla: zagayewa, jan layi a ƙasa, sa alamar daidai, ko shafa launi. Yara kan rasa maki don sun rubuta amsa daidai a inda aka ce su zagaye ta.

Wani lokaci takardar ce da kanta ba ta da kyau. Injin kwafi ya cinye hoton da ake so a ƙirga, ko an ce a shafa ja da kore a kan abin da bai fito ba. Kada a yi cinta-cinta. A bar lambar ba amsa, uwa ta aika wa malam da safe cewa lamba kaza ba ta fito ba, a ba yaron wata takardar.