Soso, roba ko foliyuretan: me ke cikin ƙasan takalminka?

Ƙasan takalmin kambas ko but hawa uku ne. Akwai shimfiɗar da tafin ƙafa ke takawa, akwai ɓangaren da ke gogar ƙasa, sai kuma na tsakiya wanda ke shanye nauyin jiki a duk taku. Wannan na tsakiyar shi ke sa takalmi ya yi daɗin tafiya ko ya gajiyar da ƙafa, amma ba kasafai mai saye ke duba shi ba.

Roba ce ta fi sauran nauyi da juriya, sai dai laushinta kaɗan ne. Shi ya sa aka fi sa ta a ɓangaren da ke taɓa ƙasa. Kambas mai shafaffen ƙasan roba zalla yana daɗewa, amma wanda ya wuni tsaye a kan siminti da shi zai ji a dunduniyarsa.

Soso, wanda ake rubuta EVA a jikin kwali, cike yake da ƙananan kumfan iska, don haka ba nauyi, ga laushi. Irinsa ne a yawancin silifas. Matsalarsa ita ce kowane taku yana matse kumfan, har ya kai sun daina komawa yadda suke. Masu gudu kan canza irin wannan takalmi bayan kilomita 500 zuwa 800. Mai tafiyar kilomita 5 kullum ke nan zai iya cinye laushin cikin wata huɗu ko biyar, ko da saman takalmin na nan fes. Alamarsa tamoji a gefen soson, da karkacewar dunduniya idan an ajiye takalmin a kan tebur.

Foliyuretan, wato PU, ya fi soso nauyi da tauri, kuma yana shekaru bai lotsa ba. Don haka ake sa shi a but ɗin ma'aikatan gini da na masana'anta. A ganina shi ya fi dacewa da mai aikin tsayuwa. Amma ajiya ke kashe shi. Danshin iska yana shiga yana tsinke haɗin sinadaransa sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Takalmin da ya shekara biyar ko shida a akwati ko leda, damina bayan damina, yana iya rugurgujewa ranar da aka fara sa shi.

Nan ne mai sayen gwanjo zai buɗe ido, domin takalmin da ya fi kama da sabo yana iya zama wanda ya fi daɗewa a ajiye. Danna farce a gefen, sannan ka lanƙwasa takalmin. Idan ya yi danƙo, ko ya tsage, ko gari ya zubo, mayar wa mai kaya abinsa. Gam ba ya kama abin da ke marmashewa. Sai dai mai gyara ya cire ƙasan gaba ɗaya ya sa wani.